Takardar da malamin Faransanci ya aiko wa iyaye kan jan biron dikte

Uwar 'Yan Biyu, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malamin ajin CM1 na makarantar da yarana suke ya ba kowane yaro takarda ya kai wa iyayensa, saboda ƙorafi ya yi yawa a kan sakamakon dikte, wato malami ya karanta yara su rubuta abin da suka ji. Da Faransanci ya rubuta, a bayan takardar kuma aka sa Hausa da Fulatanci. Ga ta Hausar na kwafo muku, don ina so waɗanda suka san abin su gaya mini ko maganarsa tana kan hanya.

"Zuwa ga iyaye, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Da yawanku kun zo kuna tambayata yadda aka yi yaro yana jin Faransanci, yana magana da shi a gida da waje, amma in aka yi dikte sai takardarsa ta dawo jajawur. Wasu sun ce yaran ba sa saurare, wasu har sun kai ga duka. Ina roƙonku ku karanta wannan kafin ku yanke wa yaro hukunci.

Ga abin da na karanta wa aji: Les petits enfants mangent du riz. Ils ont vu un grand chat blanc. Ma'anarsa, ƙananan yara suna cin shinkafa, sun ga wata babbar farar kyanwa.

Ga abin da wani yaro ya rubuta: Les petit enfan mange du ri. Ils on bu un gran cha blan.

Kalmomi 13 ne, ya kuskure 9. Amma ku sa wani ya karanta muku rubutun yaron da ƙarfi, za ku ji kusan abin da na faɗa ne. Yaron ya saurara da kyau, ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Matsalar ita ce rubutun Faransanci yana ɗauke da haruffan da baki ba ya furtawa, kuma kunne ba zai taɓa gaya wa yaro suna nan ba.

Kurakuran nan tara ba iri ɗaya ba ne. Guda ɗaya ne kawai na kunne, wato bu a maimakon vu. Babu sautin v a Hausa, shi ya sa yaro ke jin sa kamar b. Maganin wannan shi ne saurare da kallon leɓe: a b leɓɓa biyu suke haɗuwa, a v haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa.

Kashi na biyu haruffan ƙarshe ne da ba a furtawa: t na chat da enfant, d na grand, z na riz, c na blanc. Ana gano su ta hanyar neman ɗan'uwan kalmar. Grand macensa grande, a nan d ya fito fili. Chat ɗansa chaton. Riz gonarsa rizière.

Kashi na uku na nahawu ne. S na petits da enfants yana nuna yaran suna da yawa, nt na mangent yana nuna masu cin suna da yawa. Baki yana faɗin jam'i sau ɗaya a les, hannu kuwa dole ya rubuta shi a kowace kalmar da abin ya shafa. Ont shi ma a nan yake, don sai an duba aikin kalmar a jimla ake sanin ont ne ko on.

Abin da nake roƙo, in yaro ya kawo littafinsa kada ku ƙirga jan biro kawai. Ku tambaye shi, wannan kuskuren na kunne ne, na dangin kalma ne, ko na jam'i? Ko ba ku iya Faransanci ba kuna iya yi masa wannan tambayar, shi zai nemo amsa. Kuma kada a sa shi ya kwafi kalma sau ɗari ba tare da ya san dalilin harafin ba.

Na gode, Allah ya raya mana su."

To, ga ta nan. Ni a nawa ganin maganar ta shiga hankali, amma maigidana ya ce malami ne yake neman hanyar wanke kansa.

Mai Shagon Atamfa, Njamena

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ina bayan maigidanki. A zamaninmu ba wanda ya aiko wa ubana takarda. Kuskure kaɗan za ka yi a ba ka sifili, gobe ka zo ka iya. Faransancin bai canza ba, yaran ne waya ta lalata. Ɗana yana rubuta mini bjr a maimakon bonjour, yana rubuta c ki a maimakon c'est qui. Wanda ya saba da wannan ta yaya zai tuna da t na chat? Kuma dokar ai mai sauƙi ce, baƙin da ya zo ƙarshen kalma a Faransanci ba a karanta shi, shi ke nan. Wannan ba ya bukatar doguwar wasiƙa.

Tsohon Malamin Firamare, Marwa

Alhaji, a yi mini afuwa, dokar da ka kawo rabinta ne gaskiya. Ka faɗi sac, chef, sel, mer, ka ji baƙin ƙarshe yana fita sarai. Galibi c da r da f da l ana furta su a ƙarshe, d da t da s da x da z da p kuma galibi suna shiru. Na ce galibi, don ga tabac da blanc c bai fita ba, ga parler r bai fita ba, ga outil l bai fita ba, sannan ga sud da bus da huit ana furta na ƙarshensu. Ko da dokarka ta cika, mai karatu take taimako. Yaron da ke dikte matsalarsa ta juye: ya ji "sha", to wane harafi ne ya ɓuya a baya, t ne ko s ne ko babu komai? Sanin cewa ba a furtawa bai gaya masa wanne zai rubuta ba.

Na koyar a CM1 da CM2 har na yi ritaya, kuma abin da malamin nan ya rubuta daidai ne. Bari in ƙara dalilin da bai kawo ba, wataƙila don kada takardar ta yi tsawo.

Yawancin haruffan nan a zamanin da ana furta su. Faransawan da suka rayu shekaru ɗaruruwa da suka wuce suna fitar da t na ƙarshe da s na jam'i. Baki ya yi ta sauyawa a hankali, takarda kuwa ta tsaya inda take. Ka duba 'yar hular nan da ake ɗora wa wasali a hôpital da forêt da fête. Wurin s ne da ya faɗi. Da ana rubuta hospital da forest da feste, aka daina furta s ɗin, aka ci gaba da rubuta shi, sai ƙamus na 1740 na Académie française, hukumar da ke kula da harshen Faransanci, ya cire shi ya sa hular. Amma s ɗin yana nan a cikin dangi, ga hospitaliser, ga forestier, ga festival.

Wasu haruffan kuma masana ne suka cusa su da hannu don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin. Doigt, yatsa, an saka masa g saboda Latin digitus. Har kuskure sun yi: poids, nauyi, sun sa masa d suna zaton daga pondus ya fito, alhali daga pensum ne. D ɗin nan yana nan har yau, yaranmu suna rasa maki a kansa.

Batun waya kuwa, ban ce ba ta da laifi ba. Amma tun kafin a san waya a Marwa nake gyara gran da cha a littattafan yara.

Direban Babbar Mota, Ngaundere

Ni dai abin da ya dame ni ke nan da rubutun nan. Sunana a takardar haihuwa an rubuta shi iri ɗaya, a lasisin tuƙi wani iri, an sa ou a ɗaya an sa u a ɗaya. Na sha wahala a wani ofis kafin su yarda mutum ɗaya ne. In malamai sun san rubutu da furuci ba sa haɗuwa, me ya sa ba za su gaya wa masu rubuta takardu su tsaya kan abu ɗaya ba? Yanzu 'yata za ta rubuta CEP, jarrabawar gama firamare, ina tsoron kada abin ya same ta.

Ɗalibar Jami'a, Ngaundere

Baba Direba, sannu da wahala, amma naka daban ne da na takardar malam. Naka sunan Hausa ne aka rubuta da ƙa'idar Faransanci. Su sautin u namu da ou suke rubuta shi, j namu da dj, c namu da tch, sh namu da ch. Shi ya sa muke cewa Garwa da Marwa a allon hanya kuma a ga Garoua da Maroua, muke cewa Cadi su rubuta Tchad. Shawara ita ce ka ɗauki takardar haihuwar ƙanwata ka je makaranta ka duba harafi da harafi yadda aka shigar da sunanta kafin a tura sunayen masu jarrabawa.

Komawa kan maganar, ina so in ce ba Faransanci kaɗai ba ne. Mu da muke ganin Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, a duba: baƙi na launi da baƙi na masu zuwa gida rubutu ɗaya ne. Gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya, fari na launi da fari na rashin ruwa. Ba ma rubuta tsawon wasali, ba ma rubuta hawa da saukar murya. Kuma muna rubuta "an ba shi" alhali "am ba shi" muke faɗa. Bambancin shi ne Hausa tana rage abin da baki ya faɗa, Faransanci kuma yana ƙara abin da baki bai faɗa ba. Shi ya sa rubuta Hausa ya fi sauƙi, amma wanda ba Bahaushe ba karanta ta daidai yana ba shi wuya.

Alaramma, Kusiri

Assalamu alaikum. Ban yi boko ba, jikana ne ya karanta mini takardar. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne mu a tsangaya mun san wannan tun fil azal. Ana rubuta lam a Ash-shamsu amma ba a furta shi, shin ne ake ninkawa, a Al-ƙamaru kuwa lam yana fita. Ana rubuta alif bayan wawun jam'i, kamar a katabu da ƙalu, ba wanda ke karanta shi. Ana rubuta min ba'di da nun, a baki mim ne ke fita. Almajiri ba ya gane waɗannan da kansa daga allo, sai ya ji daga bakin malami, sannan in ya zo rubutu a nuna masa. Ba na haɗa Littafin Allah da boko, rasmin Alƙur'ani abin kiyayewa ne yadda ya zo. Ina nufin dai yaron da ya wuce ta allo ya riga ya san akwai harafin da ido ke gani baki bai taɓa shi. In malamin boko ya tuna masa da wannan, zai fi saurin kamawa.

Amma ban yarda da malamin ba inda ya ce kada a maimaita rubutu. Da maimaici muke haddacewa.

Tsohon Malamin Firamare, Marwa

Allah ya gafarta Malam, maganarka ta maimaici tana da wuri, kuma malamin bai hana shi gaba ɗaya ba. Cewa ya yi kada a maimaita ba tare da sanin dalili ba. Bari in rarrabe.

Dabarar neman ɗan'uwa tana aiki sosai. Harafin nan mai shiru kamar tsagen fuska yake, da shi ake gane gidan da kalma ta fito. Lait, madara, ka tuna laitier. Dent, haƙori, ka tuna dentiste. Chant ka tuna chanter, bord ka tuna bordure, gros ka tuna grosse, tapis ka tuna tapisser. Ga sifa kuwa abin ya fi sauƙi, ka sa yaro ya faɗi macen: petit petite, vert verte, lourd lourde, gris grise. Yaron da ke jin Faransanci ya riga ya san macen a bakinsa, ba a taɓa nuna masa cewa amsar tana can ba ne.

Sai dai dabarar tana da iyaka, kuma dole a gaya wa yaro tun da wuri, in ba haka ba zai ɗauke ta doka ya faɗa rami. Abri ba shi da t ko da yake akwai abriter. Numéro ba shi da t ko da yake akwai numéroter. Bijou haka yake da bijoutier. Jus da s yake ƙarewa alhali ɗan'uwansa juteux ne. Sannan akwai waɗanda ba su da dangin da yaro zai kama, irin su toujours, beaucoup, alors, dans, puis, jamais. Waɗannan su ne na maimaicin Alaramma. A rubuta su a ƙarshen littafi, a riƙa ɗaukar huɗu ko biyar a mako, ya kalla, ya rufe, ya rubuta daga ka, ya buɗe ya duba. Wannan rufewar ita ce aikin. Yaron da aka ce ya kwafa sau ɗari yana kallon layin sama, hannunsa ne ke tafiya, kansa yana wajen ƙwallo. Na sha ganin wanda ya fara daidai, a layi na ashirin harafi ya faɗi, ya ci gaba da kwafar kuskuren har ƙasan shafi.

Kuskuren jam'i kuwa maimaici ba ya taɓa shi ko kaɗan. Ka sa yaro ya rubuta mangent sau dubu, gobe a ce l'enfant mange ya sa nt, don ya haddace siffar kalmar bai san abin da ke jawo ta ba.

Uwar 'Yan Biyu, Garwa

Malam, a nan nake so ka tsaya mini. Na buɗe littattafan yaran yanzu. Ta macen ta rubuta les enfants manges, da s. Na namijin kuma akwai inda aka ce ya karanta ils parlent, yana fitar da ƙarshen kamar na souvent, malam ya ja masa layi. Ni makarantata ba ta yi nisa ba, ban san yadda zan bi da su ba.

Tsohon Malamin Firamare, Marwa

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kuskuren 'yarki na wanda ya yi gaba ne. Ta wuce yaron da ke cikin takardar malam. Shi bai sa alamar jam'i ba sam, ita ta gane cewa ana bukatar alama, ta ɗauko ta suna ta liƙa wa aikatau. Abin da ya rage mata ɗaya ne, ta rarrabe suna da aikatau.

Ga yadda za ki yi da ita. Ki ce ta sa yatsa kan kalmar, ta gwada sa ils a gabanta. Ils mangent ya zauna, to aikatau ne, nt zai ɗauka. Ils enfants bai zauna ba, les enfants ne ya zauna, to s zai ɗauka. Sannan ta tambayi kanta, wa ke ci? In ta ce yara, ta ja kibiya da fensir daga enfants zuwa mangent. A aji ina sa su yi dikte sau ɗaya, su duba shi sau biyu. Dubawar farko su nemo duk les da des da mes da ces, su bi kalmomin da ke bayansu suna duba s. Ta biyu su nemo kowane aikatau su tambaye shi wa ya yi. In yaro ya ce zai duba komai a lokaci ɗaya ba ya ganin komai.

Na ɗanki shi ma gwajin ɗaya ne. Ent na ƙarshe in na aikatau ne mai bin ils ko elles, shiru yake, ils parlent da il parle furucinsu ɗaya. In ba aikatau ba ne ana furta shi, kamar souvent da parent da argent. Har akwai kalma ɗaya mai fuska biyu, le président ana jin ƙarshen, ils président ba a ji, ko da yake harafi ɗaya bai bambanta ba.

Na on da ont kuma, ta cire kalmar ta sa avaient. Ils avaient vu ya yi ma'ana, to ont ne mai t. In bai yi ba, on ne.

Akwai wani taimako da malamin bai ambata ba. Wani lokaci harafin da ya yi shiru yana farkawa in kalmar da ke binsa ta fara da wasali. Ki saurari petits enfants, za ki ji z a tsakani, wannan s ɗin jam'i ne ya yi magana. Da yaro ɗaya ne, petit enfant, t za ki ji. Ke nan a diktan nan kunne ya ba yaron labarin s na petits, ba a koya masa sauraron wurin ba ne. Malamin kirki yana fitar da wannan haɗin sosai in yana karanta dikte.

Mai Shagon Atamfa, Njamena

To Malam na ji. Amma in su kansu sun san d na poids kuskure ne, me ya hana su gyara? Mu a nan yaro yana fama da Faransanci yana fama da Larabci, ku can ga Ingilishi a kai. A rubuta yadda ake faɗa kowa ya huta mana.

Ɗalibar Jami'a, Ngaundere

Alhaji sun sha gyarawa, kaɗan kaɗan. An kafa Académie française a 1635, ƙamus ɗinsu na farko ya fito a 1694. A bugun 1835 ne suka koma rubuta français a maimakon françois, don baki ya daɗe da barin tsohon furucin. A wannan bugun ne kuma aka mayar da t cikin jam'i irin enfants, kafin nan enfans ake rubutawa. Na baya-bayan nan shi ne na 1990, wanda ya yarda a rubuta ognon a maimakon oignon, ya kuma yarda a cire hular kan i da u a yawancin kalmomi, kamar maitre da cout. Tsohon rubutun da sabon duka an ce daidai ne.

Amma a rubuta komai yadda ake faɗa, a nan akwai asara. Vert kore, verre kofin gilashi, ver tsutsa, vers wajen, duka furuci ɗaya. Il parle da ils parlent za su zama abu ɗaya a takarda. Haruffan nan wahala ne ga mai rubutu, sauƙi ne ga mai karatu. Sannan furucin wa za a bi, na Faris ko na Yawunde ko na Njamena?

Mai Shagon Atamfa, Njamena

'Yata, ai yanzu kika ce baƙi da baƙi rubutu ɗaya ne a Hausa, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba, jimla ce ke nuna mana. In muna magana da Faransanci ma ba wanda ke ganin t na vert, kuma muna fahimtar juna. Wannan hujjar ba ta gamsar da ni ba.

Ɗalibar Jami'a, Ngaundere

Kana da gaskiya a rabi, Alhaji, jimla tana warware mafi yawa. Sai dai a Hausa ma akwai inda mai karatu ke tsayawa ya koma baya, kamar "ya tafi", ko ya riga ya tafi ne ko umarni ake ba shi ya tafi. Su kansu Faransawa ba su gama wannan gardamar ba.

Nas, Garwa

Ni nawa ɗan p da f ne suka hana shi sakat. Yana rubuta fort a wurin port, yana rubuta pois a wurin fois. Abokinsa Bafulatani da suke benci ɗaya ba ya wannan kuskuren ko kaɗan. Na fara tunanin ko kunnensa ne, har na yi niyyar kai shi a duba.

Tsohon Malamin Firamare, Marwa

Ƙanwata, a Hausa p da f ba su raba kalma biyu, ko ka ce fanka ko ka ce panka abu ɗaya ne, shi ya sa kunnen Bahaushe bai saba raba su ba. A Fulatanci kuwa haruffa biyu ne, ga Pullo ga Fulɓe, yaro ya tashi yana jin bambancin. Haka yaranmu ke fama da u na rue, wasu su ji shi i su rubuta ri, wasu su ji shi ou su rubuta roue.

Ki gwada shi da kalmomi biyu biyu, port da fort, pont da font, vu da bu. Da farko yana kallon bakinki, daga baya ya juya baya ya nuna wadda kika faɗa. Ki nuna masa cewa f ana iya jan sa har numfashi ya ƙare, p kuwa fashewa ɗaya yake yi ya tsaya. In a waɗannan sautukan da babu a Hausa kaɗai yake tuntuɓe, ba ciwo ba ne. In kuwa har a Hausa yana yawan cewa "me kika ce", ko yana ƙara muryar rediyo, ko ya taɓa ciwon kunne mai ruwa, to ke kin fi ni sanin inda za a kai shi, kada a jinkirta.

Alaramma, Kusiri

Jikana yana da wata dabara, in yana haddar kalma sai ya furta duk haruffan har masu shirun, ya ce "do-ig-t". Yana cin diktensa. A bar shi ko a hana shi?

Tsohon Malamin Firamare, Marwa

Allah ya gafarta Malam, a nan malamai sun rabu. Wasu abokan aikina suna hanawa, suna cewa zai bi yaro har cikin magana. Ni ina bari, da sharaɗin ya faɗi kalmar daidai kafin ya yi haka da bayan ya yi, kuma a kalmomin da ba su da dangi kawai.

Ɗalibar Jami'a, Ngaundere

Ni ina cikin masu hanawa, Malam. Ƙanena da haka ya fara, yanzu yana sakandare yana fitar da p na beaucoup in yana karatu a gaban aji.

Uwar 'Yan Biyu, Garwa

Na zauna da su bayan magariba mun rarraba jan biron dikte uku na baya. Ta macen kusan duka na jam'i ne, na namijin kuma haruffan ƙarshe ne da v guda biyu. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne na 1990 ɗin nan. A littafin karatunsu maître yana da hula. In yaro ya rubuta shi babu hula a CEP, mai gyara zai karɓa ko zai ja masa biro? Akwai wanda yake gyaran takardun jarrabawa a cikinmu?

Tsohon Malamin Firamare, Marwa

Ki ce su bi rubutun da ke cikin littafin ajinsu, Hajiya, shi ne wanda kowane mai gyara ya sani. Ranar taron iyaye kuma ki yi wa malaminsu wannan tambayar a gaban shugaban makaranta, ki dawo mana da abin da suka ce.